Me ya sa injin kaɗi ya fito a Lancashire, ba a Kano ko Indiya ba?

Jikar_Mai_Mazari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya muna gyaran ɗakin marigayiya kakarmu sai muka tsinci taskirarta, da mazari biyu a ciki, da guntun alli da bakan shiɓa. Ina tuna yadda take zama bayan la'asar, ta lakato alli a yatsa, ta murza mazarin, zare na fita kamar ba wuya. Tun ranar abin yake damuna. Kano ta yi ɗaruruwan shekaru tana kaɗi da saƙa da rini, Indiya kuwa a da ita ke tufatar da ƙasashe da dama. To me ya sa aka ƙera injin kaɗi a wani lungu na arewacin Ingila, inda ko ƙwayar auduga ɗaya ba ta tsirowa? Sannan da kaɗi ya bar ɗaki ya koma masana'anta, ina matan da ke ci da shi suka nufa? Gidajensu fa, yaya suka kasance?

Injiniya_Samaru: Wa alaikumus salam. Amsar ɓangaren farko gajeriya ce: kwal. Ingila na zaune a kan kwal, kuma kusa da saman ƙasa. Da ramukan haƙarsa suka yi zurfi ruwa ya riƙa cika su, shi ne Thomas Newcomen ya ƙera injin tururi a 1712 don zuƙe ruwan. Injin nan cin wuta gare shi na fitar hankali, babu inda yake da riba sai a bakin ramin kwal, inda makamashin kusan kyauta ne. Daga baya James Watt ya gyara shi, ya yi masa rajista a 1769, cin kwal ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. Wanda ba shi da kwal a bayan gida ba zai taɓa fara wannan tafiya ba.

Malam_Na_Tarihi: Injiniya, ka faɗi gaskiya amma ka ɗora doki a bayan kaya. Masana'antun kaɗi na farko ba da tururi suka tashi ba, da ruwan rafi ne. Richard Arkwright ya gina tasa a ƙauyen Cromford a 1771, ruwa ne ke juya ƙaton gargare, gargaren ya juya injuna. Sai wajen shekarun 1830 tururi ya rinjayi ruwa a harkar auduga. Kwal shi ya sa abin bai tsaya ba, kuma shi ya ba da damar kwaso masana'antu daga bakin rafi zuwa cikin birni kamar Manchester. Amma farkon labarin yana wajen zare.

Hajiya Jikar_Mai_Mazari, ke da kika ga kaɗi da idonki za ki gane wannan da sauri. Saƙa na buƙatar zare iri biyu: na tsaye, wanda dole ya yi ƙwari saboda shi ake ja a miƙe, da abawa mai laushi da ƙoshiya ke ratsawa da ita. Matan Ingila sun saba da ulu da kittani, hannunsu bai iya fitar da zaren auduga siriri mai ƙwarin da zai tsaya a tsaye ba. Matan Bengal, can Indiya, sun iya. Shi ya sa yadin Indiya ya cika kasuwar Landan har masu ulu suka kai kuka majalisa, aka yi dokar hana shi, mafi tsananinta ta 1721. Dokar ta bar wata kafa: yadin da aka saƙa da kittani a tsaye, auduga a kwance. A kan wannan gauraye Lancashire ta koyi auduga, shekara hamsin tana kwaikwayon kayan Indiya ba ta kamo su ba.

Sai ga matsalar hannu. Masaƙi ɗaya na cinye zaren mata da yawa, kuma tun da John Kay ya fito da ƙoshiya mai gudu a 1733 saƙa ta ƙara sauri, zare ya ƙara ƙaranci. Masaƙi kan fita da sassafe yana bin gidaje neman abawa. Daga nan injuna uku suka biyo juna. Na James Hargreaves, da ake ce wa jeni, wajen 1764, mace ɗaya na juya mazari takwas a lokaci guda, amma abawa kawai yake bayarwa. Na Arkwright, 1769, shi ya ba da zaren tsaye mai ƙwari. Sai Samuel Crompton ya haɗa dabarun biyu a 1779, aka sa wa injinsa suna alfadari saboda haɗin jinsi biyu ne, kuma shi ne ya fitar da siririn zaren da ya yi gogayya da na Indiya.

Bazazzagi_Mai_Shago: Malam, duk wannan bai amsa tambayar ba. Ƙarancin zare ai ko'ina akwai shi. Masaƙan Kano ma jiran mata suke yi. Me ya hana wani kafinta a Dakka ta Bengal ko a Kura ya haɗa mazari takwas a katako ɗaya? Ba wata fasaha ce ta a zo a gani ba.

Malam_Na_Tarihi: Tambayarka ita ce ainihin inda masana ke jayayya. Akwai wani masanin tarihin tattalin arziki, Robert Allen, da ya ce a duba lissafin riba. Keken kaɗi na hannu bai wuce sule ɗaya ba, jeni mai mazari 24 kuwa wajen sule 70. Mu ƙaddara mace na samun sisi a yini, jeni kuma ya ninka aikinta sau uku. Ƙarin da take samu ya zama sule ɗaya a yini, ke nan cikin kwana 70 na cikakken aiki inji ya biya kansa. Yanzu a ɗauki injin nan da kuɗinsa a kai inda ladan kaɗi kashi ɗaya cikin biyar ne na wancan. Sai an yi kwana 350 ana aiki ba fashi, alhali mai kaɗi ba yini take yi ba, tsakanin girki da raino take yi. Kafin ya biya kansa ya lalace. Mai hankali a can zai ƙara ɗaukar mata ne, ba zai sayi inji ba. Hujjar da ake kawowa ita ce Faransa: sun san jeni, gwamnatinsu ma ta ƙarfafa shi, amma wajen 1790 akwai kimanin 20,000 a Ingila, a Faransa ba su kai dubu ɗaya ba.

Ɗalibar_Bayero: Malam, a yi mini afuwa, wannan lissafi an ƙalubalance shi. Wata masaniyar tarihi, Jane Humphries, da wani abokin aikinta sun bi littattafan biyan lada na wancan zamani suka ga matan da ke kaɗi a Ingila ladansu ƙasa yake ƙwarai da abin da Allen ya ɗauka, kuma bai tashi ba kafin zuwan injunan. A ganinta ba tsadar ma'aikata ce ta jawo inji ba. Akwai tarin mata da yara matalauta masu arha, masu kuɗi kuma suka nemi injin da yaro zai iya tsarewa. Ni wannan ya fi kwanta mini, domin in ka duba su wa aka fara zubawa a masana'antun, yara ne.

Baƙon_Damagaram: Ku duka kuna zagaye-zagaye. Kuɗin bayi ne. Liverpool ita ce babbar tashar jiragen bayi ta Turai a ƙarshen ƙarni na 18, kuma tafiyar yini ɗaya ce tsakaninta da Manchester. Da jinin mutanenmu aka gina komai, sauran bayani ado ne.

Malam_Na_Tarihi: Ɗan'uwa na Damagaram, in ka ce ribar sayar da bayi ita kaɗai ta sayi injunan, za a kayar da kai. Injunan farko ba su da tsadar da ake zato, kuma Fotugal ta yi jigilar bayi fiye da Birtaniya amma ba ta yi masana'antu ba. Inda maganarka ke da ƙarfi wuri biyu ne. Na ɗaya kasuwa: jiragen da ke zuwa gaɓar Afirka ta Yamma yadin Indiya suke kawowa don musaya, masu saye a nan kuma sun san kaya, ba a yi musu algus. Masaƙan Manchester sun sha ganin an ƙi kayansu har suka gyara. Masanin tarihi ɗan Najeriya, Joseph Inikori, ya yi dogon aiki a kan wannan. Na biyu audugar kanta. Da farko daga tsibiran Karebiyan da Barazil take zuwa, bayan an ƙera injin gurza a Amurka a 1793 sai kudancin Amurka ya karɓe, kuma duk bayi ne ke nomanta. Kafin 1860 fiye da kashi uku cikin huɗu na audugar Lancashire daga can take. Da yaƙin basasar Amurka ya toshe hanya a 1861, masana'antu suka tsaya, dubun dubatar ma'aikata suka koma cin sadaka.

Baƙon_Damagaram: To ai mun haɗu. Inji ba ya kaɗa iska. In babu gonakin bayi da za su ciyar da shi, da alfadarin naku ya mutu da yunwa. Ban janye ba.

Tsohon_Ma'aikaci_Kakuri: Ni a ganina wutar lantarki da fasa-ƙwaurin atamfa ne suka kashe masaƙunmu na Kaduna. Lokacin da muke aiki, ƙarfe shida na safe titi ba ya biyuwa saboda kekuna.

Jikar_Mai_Mazari: Baba, ba rufewar masaƙun Kaduna muke tattaunawa ba, farkon abin a Ingila ne. Amma don Allah kar ka tafi, ɓangare na biyu na tambayata kai ne ka san shi a jikinka. Har yanzu ba wanda ya gaya mini abin da ya sami gidajen.

Ɗalibar_Bayero: Yaya, bari in gwada. Kafin inji, gidan masaƙi a ƙauyen Lancashire wurin aiki ne. Ɗan kasuwa ya kawo auduga, yara su tsince su shiɓe, uwa da 'yan mata su kaɗa, uba ya saƙa, a mayar da yadi a karɓi lada a dunƙule. Ba hutu ba ne, yara na aiki tun suna ƙanana, amma a gaban iyayensu, kuma gidan ne ke tsara lokacinsa. In girbi ya zo a ajiye saƙa a tafi gona.

Abin da ya fara faɗuwa shi ne kaɗin mata. An ƙiyasta cewa laba 100 ta auduga na cin wa mai kaɗin hannu a Indiya awa 50,000, alfadarin Crompton na farko awa 2,000, wanda aka haɗa da ƙarfin inji wajen 1795 kuwa awa 300. Babu hannun da zai yi gasa da wannan. Matan Lancashire wasu sun sami shiga masana'anta. Waɗanda suka fi shan wuya su ne matan ƙauyukan da ke nesa, musamman da injin ya kai ga ulu: sana'ar ta mutu, masana'antar kuma tana wata jiha. Gwauruwa da ke riƙe kanta da kaɗi ta koma hannun asusun gajiyayyu na coci.

A Cromford kuwa, da yake ƙauye ne ba mutane, Arkwright ya yi ta shelar neman magidanta masu 'ya'ya da yawa. Ya gina musu layin gidaje a 1776, har yau suna nan, hawa uku, na saman da dogayen tagogi. Uba na can sama yana saƙa, mata da yara suna masana'anta, ana aiki dare da rana, rukuni biyu. Ke nan uba ne ya zauna a gida, yara suka fita.

Uwar_Biyu: Subhanallahi. Yaran nan shekarunsu nawa?

Malam_Na_Tarihi: Daga bakwai, wani lokaci ƙasa da haka. Kuma ba duka ke da iyaye ba. Masana'antun bakin rafi sun riƙa karɓo marayu daga gidajen gajiyayyu na Landan da Liverpool da sunan koyon sana'a, a riƙe yaro har ya kai 21, abinci da makwanci ne ladansa. Akwai Robert Blincoe, wanda aka ɗauko daga gidan gajiyayyu na St Pancras a 1799 yana ɗan shekara bakwai, daga baya ya ba da labarin dukan da yunwar da ya sha, aka buga.

Aikin yara a ɗakin alfadari iri biyu ne. Injin yana da keke mai ɗauke da ɗaruruwan mazarai, ya fito ya ja zare ya murɗe, ya koma ya naɗe, sau da yawa a minti. Masu ƙulli suna bin keken, duk zaren da ya tsinke su haɗa bakinsa da yatsa kafin keken ya juya. Wani mai masana'anta, John Fielden, ya auna ya ce yaro na taka kusan mil 20 a yini. Ƙananan su ne masu shara, suna rarrafe a ƙarƙashin zaren suna kwashe burɓushin auduga inji na tafiya. Wanda ya makara fita, keken ya matse shi. Ɗakin da zafi da laima don kar zare ya tsinke, ƙasa duk mai, ƙafa ba takalmi, awa 12 ko fiye.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, a birni ba mai masana'anta ne ke ɗaukar yaran ba. Mai tsaron alfadarin, wanda namiji ne kuma ya fi kowa albashi, shi ke ɗaukar masu ƙullinsa ya biya su daga aljihunsa, kuma shi ana biyansa ne gwargwadon zaren da ya fitar. Sau da yawa ɗansa ne ko ɗan ɗan'uwansa. To in yaro ya yi gyangyaɗi da yamma zare ya lalace, wanda ke ɗaga bel ɗin duka yana iya zama uban da ya haife shi.

Bazazzagi_Mai_Shago: Wannan ai kamar gandu ne aka ɗauke aka kai cikin masana'anta. Uba na gaba, 'ya'ya na baya, shi ke karɓar kuɗi.

Ɗalibar_Bayero: Da kama, amma a gandu gonar ta gidan ce, ɗa na sa ran gado. A nan ba abin da uba zai bar masa, kuma ƙararrawa ce ke cewa a fara, a tsaya. Sannan ba a daɗe a haka ba. Injuna suka ƙara tsawo, mutum ɗaya na buƙatar yara fiye da waɗanda ya haifa, sai 'ya'yan wasu.

Su wa ke turo 'ya'yan? Yawanci masaƙan hannu. Da zare ya yi arha sun yi shekaru na wadata, wajen 1800 masaƙi na iya samun sule 20 ko fiye a mako, mutane suka yi ta kwarara cikin sana'ar har suka kai kusan 240,000. Sai yawa ya karya lada, injin saƙa ya zo ya ƙarasa. A shekarun 1830 sule biyar ko shida yake samu. A irin wannan gida, budurwa mai tsaron injin saƙa biyu ta fi ubanta kawo kuɗi ranar Asabar. Ku duba abin da hakan zai yi wa maganar uba a gida. In an takura mata tana iya kama ɗaki a gidan wasu, shi ya sa iyaye da yawa suka koma yarjejeniya: ta biya kuɗin ci da kwana, saura nata.

Uwar_Biyu: Ni tunanina na wajen masu goyo. Ina aiki a wani kamfanin leda, ƙarfe bakwai nake fita, kuma da na haifi tagwaye ba a ba ni ko kusurwar da zan shayar ba. In ba don ƙanwar mahaifiyata da ta taso daga ƙauye ta zauna da mu ba, da na ajiye aikin. Su waɗancan wa ke riƙe musu?

Malam_Na_Tarihi: Hajiya, abin da kika yi shi suka yi. Da farko dai yawancin matan masana'anta 'yan mata ne marasa aure, masu aure kan shiga ne in albashin miji bai isa ba kuma yara ba su kai aiki ba. Mai goyo kan koma aiki makonni kaɗan bayan haihuwa, ta bar jariri wajen wata tsohuwa a layi ana biyanta. Akwai wani ruwan magani mai zaƙi da ake sayarwa a kanti, Godfrey's Cordial, da ofiyom a ciki, ana ɗura wa jariri ya yi ta barci. Jaririn da ke barci ba ya neman nono, sai rama, wasu har mutuwa.

Wanda ya sami kaka ya tsira daga wannan. Ana yawan cewa masana'anta ce ta wargaza babban gida ta kawo na mata da miji da 'ya'yansu kawai. A Ingila ba haka aka yi ba, tun ƙarnuka kafin inji gidajensu ƙanana ne, matsakaici bai kai mutum biyar ba. Da wani masani, Michael Anderson, ya bi ƙidayar 1851 ta garin Preston, garin auduga, sai ya tarar kusan gida ɗaya cikin huɗu akwai wani dangi a ciki, fiye da yadda aka saba a da. Kaka na raino, 'yarta na masana'anta, ɗan'uwa daga ƙauye na kwana a ƙasa kafin a samo masa aiki.

Injiniya_Samaru: Gwamnati fa? Na san an yi doka a 1833.

Ɗalibar_Bayero: An yi wasu kafin ita, a 1802 da 1819, amma ba mai bin sawu. Ta 1833 ce ta naɗa sufetoci, su huɗu ga ƙasar duka. Ta hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara tara a masaƙun auduga, 'yan tara zuwa 13 awa 48 a mako da karatun awa biyu kullum, 'yan 13 zuwa 18 awa 12 a yini, ba aikin dare. Matsalar ita ce ba a fara rajistar haihuwa ta gwamnati ba sai 1837, don haka likita ne ke duban yaro ya ce ya yi kama da ɗan tara. Iyaye da kansu ke ƙara wa yaro shekaru, saboda sule biyu ko ukun da yake kawowa su ne kuɗin haya. Sai 1847 aka sami dokar awa goma ga mata da matasa.

Tsohon_Ma'aikaci_Kakuri: 'Yata, na zauna na karanta duka. Masaƙar farko ta Kakuri da aka buɗe a 1957 ai da wani kamfanin Lancashire aka haɗa gwiwa, ashe daga nan abin ya taso. Mu a wajenmu maza ne a kan inji, ba yara, wannan ya bambanta. Amma jiniya iri ɗaya ce. In ina aikin dare, na dawo da safe yara sun tafi makaranta, na tashi da yamma suna islamiyya. Ɗana na fari sai da ya yi wayo yana ɓuya bayan uwarsa in na shigo. Mahaifina kuwa har ya rasu bai daina cewa na bar gandu na bar shi da ƙannena ba, duk da kuɗin taki da nake aikawa. Ƙurar auduga har yau tana ƙirjina, kunnena na hagu kuma ba ya ji sosai.

Malam_Na_Tarihi: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Akwai wani abu da zai ba ku sha'awa. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya shigo Kano a 1851, daidai shekarar ƙidayar Preston. Ya ga farin yadin Manchester a kasuwa, amma abin da ya fi burge shi shi ne saƙa da rinin Kano na kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, kuma ana yin su ne a cikin gidaje, ba a manyan masana'antu irin na Turai da ke ƙasƙantar da mutum ba. Ya san abin da ya baro a gida.

Baƙon_Damagaram: Malam, kar mu yi wa kanmu ado mu ma. Audugar da ake kaɗawa a Kano a 1851, wani ɓangarenta a rinji aka noma ta, kuma bayi ne a rinjin.

Malam_Na_Tarihi: Haka ne, ban musa ba.

Jikar_Mai_Mazari: Na gode muku duka. Har yanzu ina tsakanin Malam da Ɗalibar_Bayero kan batun lada, ban san wanda zan bi ba. Amma na kira mahaifiyata ɗazu na tambaye ta yaushe kaka ta daina sayar da zare. Ta ce tun tana yarinya masaƙin unguwarsu ya koma sayen zaren kanti mai ƙunshi, ya ce ya fi santsi kuma ba ya tsinkewa. Kaka ta ci gaba da kaɗi don zanen gida kawai, kuɗin adashi kuma ta koma samunsa daga ƙuli-ƙuli. Baba na Kakuri, zaren kantin nan na wancan lokaci naku ne, ko daga waje ake kawo shi?